Bambancin da ya ƙi bayyana: waɗanda suka taɓa buɗe asusun saspens su ba mu labari

Rabi'u: Assalamu alaikum. Ni nake riƙe da littattafan wani shagon atamfa a Kantin Kwari, kuma da hannu muke rubutu. Na haɗa tarayal balans na ƙarshen wata, wato jerin ragowar dukkan asusu don a ga ko ɓangarorin biyu sun yi daidai, sai ɓangaren debit ya fi na kiredit da N27,000. Maigida yana son rahoto kafin ya yi tafiya. An ce in buɗe asusun saspens in ajiye bambancin, amma zuciyata tana ganin kamar rufa-rufa ce. Waɗanda abin ya taɓa faruwa da su, don Allah yaya kuka yi, kuma ta ina kuka bi har kuka gano kuskuren?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam, Malam Rabi'u. Ba rufa-rufa ba ce muddin ka rubuta shi a fili, maigida ya san da shi, kuma ka ci gaba da nema. Tunda debit ne ya yi yawa, sai ka rubuta N27,000 a ɓangaren kiredit na saspens, jimillar biyu su zo daidai, ka fitar da rahoton da sharaɗin cewa ribar da ke ciki tana iya canzawa.

Bari in ba ka wanda na yi aiki a kansa. An kira ni in duba littattafan wani dilan shinkafa da man girki a kasuwar Singa. Debit ya fi kiredit da N201,000, na sa shi a kiredit na saspens. Na raba da biyu don in ga ko an sa wani abu a ɓangaren da ba nasa ba, na sami 100,500, babu wani shigarwa mai wannan adadi. Na raba da tara don in ga ko an juya lambobi, bai rabu ba. Daga nan na fara zargin kuskuren ba guda ɗaya ba ne, domin dabarun nan biyu suna aiki sosai ne idan kuskure ɗaya kake nema.

Sai na koma aikin gajiya, wato sake tara kowane shafi. A littafin ciniki na yau da kullum, yaron da ke rubutu ya tara wani shafi ya rage 100,000 cif wajen ɗauko jimilla zuwa shafi na gaba. Kwastomomi an rubuta musu bashinsu daidai, ɗaya bayan ɗaya, amma asusun ciniki ya karɓi jimillar da ta gaza. Gyaran shi ne debit saspens 100,000, kiredit ciniki 100,000. Saura 101,000.

Na biyu shi ne wanda ke tayar wa sababbi hankali. Ina bin littafin kuɗi layi-layi ina sa alama a leja, sai na ga N25,000 da aka biya 'yan dako ranar da tirela ta sauke kaya. An fitar da kuɗin daga littafin kuɗi, amma ba a kai su asusun kashe-kashe ba. Na yi debit kuɗin dako 25,000, kiredit saspens 25,000, sai ragowar ta hau zuwa 126,000 maimakon ta sauka. Ɗan maigidan da ke zaune kusa da ni ya ce Hajiya ai kin ƙara ɓata lissafin. Ban ɓata ba. Wannan kuskuren yana ja ne ta ɗaya ɓangaren, yana ɓoye wani sashe na sauran.

Yanzu 126,000 ya rabu da tara, don haka na shiga neman inda aka juya lambobi. Na samu a asusun wani kwastoma daga Dawanau: ya turo N540,000, littafin kuɗi ya nuna haka, amma a shafinsa na leja an rubuta 450,000. Bawan Allah ya biya, mu kuma muna binsa 90,000 da bai ci ba. Debit saspens 90,000, kiredit asusunsa 90,000. Saura 36,000.

Shi ma 36,000 yana rabuwa da tara, kuma hakan ya sa na ɓata lokaci ina neman irin su 15 da 51, ko 26 da 62, babu. Rabinsa ne ya fitar da ni. Wani kamfani ya yi mana rangwamen N18,000 saboda an biya shi da wuri. Rangwamen da aka yi maka kiredit ne, amma an rubuta shi a debit. Abin da aka sa a ɓangaren da ba nasa ba kuwa ninki biyu yake haifarwa, 18,000 da ya rasa a inda ya kamata, da 18,000 da ya ƙaru a inda bai kamata ba. Debit saspens 36,000, kiredit asusun rangwame 36,000, saspens ya koma sifili.

Da aka gama, ribar watan ta ƙaru da N111,000: ciniki ya ƙara 100,000, rangwame ya ƙara 36,000, dako ya rage 25,000. Wancan 90,000 bai taɓa riba ba, bashin da muke bin mutane kawai ya rage. Kowane gyara na rubuta shi a janal da kwanan wata da bayanin takardar da na dogara da ita, ban goge komai a leja ba.

Naka 27,000 idan ka raba da tara dubu uku ne, to ka nemi lambobi biyu da tazararsu uku: 14 da 41, 25 da 52, 36 da 63, 47 da 74, har zuwa 69 da 96. Ka kuma duba ko akwai 13,500, musamman a kayan da aka dawo da su.

Auwalu: Ni ma haka nake yi a wurin kayan gini a Ƙofar Ruwa. Abin da ke kwantar min da hankali shi ne da zarar saspens ya koma sifili, ka san littafinka ya wanke sarai, ko odita ya zo ba ka da fargaba.

Hajiya Binta: A'a, Malam Auwalu, rabin maganar ka faɗa. Sifili yana nuna debit da kiredit sun yi daidai ne kawai. Idan kana da Alhaji Sani biyu, ɗaya ya biya ka rubuta wa ɗayan, lissafi zai daidaita tsaf. Idan an sayi janareta aka sa shi a kuɗin gyare-gyare, zai daidaita. Idan rasit ya faɗi bayan kanta ba a rubuta shi ko'ina ba, ko an rubuta 8,000 a wurin 80,000 a ɓangarorin biyu, duk zai daidaita. Irin waɗannan ba sa bi ta saspens ko a wajen gyara, daga asusu zuwa asusu ake mayar da su. Abin da ke kama su shi ne kwatanta littafinka da sitatimen na banki, da tura wa kwastoma lissafinsa ya ce ya yarda ko bai yarda ba, da ƙirga kayan sito.

Auwalu: Na Alhaji biyu ɗin ya taɓa faruwa a layinmu, sai da mutumin ya zo da rasit ɗinsa. Na karɓa.

Nura: To ni tambayata, ranar Asabar mun tashi kuɗin durowa sun gaza da N12,000, kuma mu uku ne a shagon. In sa su a wannan asusun kenan har a manta?

Malam Garba: Nura, naka daban ne. Littafinka bai saɓa da kansa ba, kuɗin hannu ne suka saɓa da littafi. Kana iya ajiye shi na kwana biyu ana bin rasitai da takardun POS, don sau da yawa cinikin tiransifa ne aka rubuta a matsayin kuɗin hannu. Amma ka gaya wa maigida a ranar. Idan ba a samu ba, shi zai yanke ko asara ce ta shago ko wani zai biya, a rubuta shi da sunansa na gaskiya. Kalmar "har a manta" ɗin nan ita ce ke lalata wannan asusu.

Ni a inda nake aiki, wurin sayar da magunguna a Sabon Gari, kwamfuta muke amfani da ita, kuma ba ta karɓar shigarwa sai debit da kiredit sun yi daidai. Don haka irin matsalar Rabi'u ba ta cika zuwa mana ba. Namu saspens ɗin alat ne marasa suna. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka koma tiransifa, kuma da yawa ba daga asusunsu suke turowa ba. Kwastoma yana Gumel, ya ba mai POS kuɗi, sunan mai POS ɗin ne zai fito a wurinmu. Kuɗi sun shiga banki, dole in yi debit banki, amma ban san wa zan yi wa kiredit ba. Idan na sa a ciniki na ninka cinikin da an riga an rubuta ranar da aka ba da kaya bashi, kuma mai kuɗin yana nan a jerin waɗanda muke bi. Sai in sa a saspens, kowane alat da layinsa: rana, lokaci, adadi, sunan da ya fito, lambar shaidar turawa. Duk ranar Alhamis nakan ɗauki jerin in kwatanta da masu bashi. Wanda ake binsa N186,500 kuma ga alat na 186,500, sai in kira shi, amma ba na mayarwa asusunsa sai ya turo hoton rasit mai lambar da ta yi daidai. Adadi kaɗai ba hujja ba ne, mutum biyu suna iya sayen katan iri ɗaya a rana ɗaya.

Abin da na hana a ofishinmu shi ne haɗa alat ɗin a dunƙule. Wanda na gada yakan rubuta jimillar wata a layi ɗaya, har wani lokaci ya cire cajin bankin da bai gane ba daga ciki. Ragowar sai ta yi ƙanƙanta a ido, alhali a ƙarƙashinta akwai kuɗin mutane da yawa.

Rabi'u: Allah ya saka da alheri. Na sa shi a kiredit na nuna wa maigida, ya ce ba komai. Babu 13,500 a ko'ina. Yanzu ina bin shafukan masu bashi da jerin lambobin da Hajiya ta ba ni, na kai rabi.

Malam Garba: Ni kuma ga wanda ya rage min, ina neman shawara. Akwai N73,500 da suka shigo fiye da shekara guda, babu wanda ya zo nema. Mun tambayi banki, sunan mai POS ne, lambarsa kuma ba ta shiga. Oditanmu ya ce ba ya son ganin saspens a lissafin ƙarshen shekara.

Auwalu: Ai sai a mayar da su kuɗin shiga na daban, maigida ya sa hannu. Idan mai su ya bayyana a biya shi daga aljihun kamfani.

Hajiya Binta: Ni ba zan sa su a riba ba. A fitar da su daga saspens, na yarda, amma a buɗe musu asusu a cikin bashin da ake bin kamfani, da sunan kuɗin da ba a san mai su ba. Ƙila ma wani daga cikin waɗanda kuke ta kira kan tsohon bashi shi ne ya biya. Ka duba masu bashin da suka daina zuwa tun wancan watan tukuna.

Malam Garba: Na duba, akwai biyu da adadinsu ya yi kusa, babu wanda ya yi daidai. Maigida ya ce zai tambayi malaminsa ko hukuncin tsintuwa ya hau kansu, odita kuma yana kan ra'ayin Auwalu. Kafin su daidaita, gobe zan kira mutanen biyu in ji ko akwai wanda ya taɓa biyan wani ɓangare ta hannun mai POS.