Zagi ya yi yawa a ƙarƙashin bidiyona, me zan kunna?

Maman Ilham: Salam 'yan zaure. Tun da bidiyon dambun nan ya zaga, kullum sai na wayi gari da zagi a Instagram, har mahaifiyata ba a bari ba. Na gaji da gogewa ɗaya bayan ɗaya. In rufe sharhi gaba ɗaya ne?

Anti Bilki Mai Jaka: Kar ki rufe, ƙanwata, masu oda a nan suke tambayar farashi. Shiga saituna ki nemi Hidden Words, akwai wajen da za ki rubuta kalmominki da kanki, ki raba su da waƙafi. Amma ki ji abin da ya same ni. Lokacin da aka taso ni gaba, cikin fushi na zuba har da "kare" da "jaka". Ni kuwa jaka nake sayarwa! Kwana huɗu shago shiru. Da na buɗe ɓoyayyun sharhi sai ga masu tambayar nawa ne jaka, ga masu "Allah ya kare ki", duk an ɓoye su tare da zagin. Na'urar harafi take gani, ba ta san nufi ba. Yanzu jimlar zagin nake sawa cikakkiya, kamar "'yar iska". "Iska" kaɗai sai ta kama mai maganar sanyin hunturu.

Sadiq: Bulok kawai, Hajiya. An gama.

Anti Bilki Mai Jaka: Ya buɗe sabon asusu ya dawo da zafinsa? Restrict ya fi min. Shi yana ganin sharhinsa, jama'a ba sa gani sai na amince, kuma ba a sanar da shi.

Malam Habu: Ƙari kan na Anti: ki rubuta kowace kalma yadda mutane ke buga ta. Wani ƙ zai sa, wani k, wani q, wani ya raba haruffan da ɗigo. Duk wanda ya tsallake, kwafi yadda ya rubuta ki ƙara a jerin. Ni a YouTube nake. Can duk sharhin da ke ɗauke da kalmar da ka sa a jerin Blocked words jiran dubawa yake shiga, kwana 60 yake yi a ajiye. Ranar da abu ya yi tsami Hold all nake kunnawa, ba mai fitowa sai na amince. Wahalarsa, kai ne za ka karanta zagin duka, shi ya sa na ba ƙanina ikon dubawa.

Ummi K.: Ni ma tun jiya asusuna ya ƙi buɗewa, wannan zai gyara?

Sadiq: Ummi, wannan wata magana ce daban. Amma Malam, ba toshe bakin masu gyara ba ne haka?

Malam Habu: Wanda ya ce gishiri ya yi yawa, sakin nasa nake. Mai zagin uwa fa gyaran me yake yi?

Maman Ilham: Na gode. Anti, turo min jerinki ta akwati. Ɗaya daga cikin masu zagin fa ya ambaci unguwarmu.

Anti Bilki Mai Jaka: To wannan kar ki goge tukuna. Ɗauki hoton allo da sunan asusun, ki kai rahoto, ki nuna wa Baban Ilham yau.