Mai shan giya ƙarshen mako kawai: ƙwaƙwalwarsa na komawa daidai in ya daina?

Baban Ummi: Jama'a, ƙanena shekara 7 yana shan manyan kwalabe shida duk daren Juma'a da Asabar. Yau sati uku da dainawarsa, amma ba ya barci, ga mantuwa. Shi ya ce bai yi wa kansa illa ba tunda kwana biyar yake hutawa. Haka ne?

Sani Direba: Wane hutu? Giya kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa take yi, kuma abin da ya mutu ya mutu. Ka yi haƙuri, yadda ka gan shi haka zai zauna.

Anti Talatu: Malam Sani, kada ka karya masa gwiwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe da irin waɗannan marasa lafiya. Da kai da ƙanen nasa, duk ba ku faɗi daidai ba.

Babbar kwalba mai 60cl tana ɗauke da barasa kusan giram 24, shida ke nan sun haura 140. Hanta kuwa abin da take iya ƙonawa a awa ɗaya bai wuce giram 7 zuwa 10 ba. Ka ga ta Juma'a za ta kai shi yammacin Asabar, sai ya ɗora wata a kai. Barasa tana danne aikin ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwar kuma sai ta ƙara ƙaimi don ta ci gaba da aiki. Da giyar ta fice, ƙaimin nan sai ya rage ba birki. Shi ne karkarwar hannu, faɗuwar gaba da rashin barcin Lahadi da Litinin. Wanda ya yi haka shekara 7 ya jefa ƙwaƙwalwarsa cikin wannan hawa da sauka sau ɗaruruwa, kuma yawan maimaitawar na sa kowace sauka ta fi ta baya tsanani.

Mai Shayi: Ni dai na san hanta take lalatawa. Ku kai shi a duba idonsa ko ya yi rawaya.

Baban Ummi: Za mu duba, na gode. Amma Anti, mantuwar ce ta fi damuna.

Anti Talatu: Ka tambaye shi ko yana wayar gari bai san yadda ya dawo gida ba. Akwai wani sashe, hifokamfas, da ke ajiye sabon abin da ya faru. Idan barasa ta yi yawa a jini cikin sauri, sai ya daina ajiya, mutum na tafiya yana magana amma ba abin da ke zama. Sashen goshi, mai tsara aiki da kame kai, shi ma yana shan wuya, musamman ga wanda ya fara kafin shekara 25, domin lokacin bai gama nuna ba.

Sai dai yawancin illar ba mutuwar ƙwayoyi ba ce, ƙanƙancewa ce da lalacewar hanyoyin da ke haɗa su. Hoton MRI na masu shan da suka daina yana nuna ƙwaƙwalwa ta fara cikowa tun makonnin farko. Natsuwa da tunawa sukan gyaru cikin watanni. Barci ne mai taurin kai, yakan ɗauki watanni kafin ya daidaita. Sati uku ya yi kaɗan a yanke masa hukunci.

Ɗan Tudu: Na shaida. Ni ma na sha irin wannan, yau shekara biyu da bari, alhamdu lillahi. Sai a wata na huɗu na san daɗin barci. Lissafin shago ya dawo mini tsaf. Amma har gobe in na ji kiɗan irin wuraren nan da yammar Juma'a, raina yakan biya. Wannan bai warke ba.

Sani Direba: To ai maganata ke nan. Kuma ina da maƙwabci da ya daina tuntuni, yanzu ka gaya masa magana, anjima ya tambaye ka.

Anti Talatu: Wannan ya yi kama da ciwon Korsakoff, wanda ƙarancin bitamin B1 ke kawowa ga masu sha sosai ba cin abinci. A nan kana da gaskiya, sau da yawa ba ya warkewa duka. Amma an fi ganinsa ga masu sha kullum. Baban Ummi, idan ka ga yana tangaɗi ba tare da ya sha ba, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko ya rikice, ku tafi asibiti a ranar, allurar B1 yake buƙata. Kuma wanda ke karkarwa in bai sha ba kada ya yanke shi kaɗai a gida, jijjiga na iya kama shi cikin kwana biyun farko.

Sani Direba: Har yanzu ba ki ce zai koma ɗari bisa ɗari ba.

Anti Talatu: Ba zan ce ba. Shekarunsa, lokacin da ya fara da ko zai riƙe dainawar, su za su nuna.

Baban Ummi: Yana ɗan 24 ya fara. Ba ya tangaɗi, abinci ma yana ci. Gobe zan raka shi a duba shi, Allah ya saka.