Rubuta ma'anar kowane maki zai hana masu duba aiki saɓa wa juna?

Hajiya Rabi, Argungu: Assalamu alaikum. An ɗora mini gyara takardar auna aikin ma'aikatanmu na asibitocin sha-ka-tafi. Ma'aikaciya guda, mai dubawa ɗaya ya ba ta 5, wani ya ba ta 2 a shekara guda. Malam Sani ya ce da zarar an rubuta abin da kowane maki ke nufi, saɓanin ya ƙare. Haka ne?

Malam Sani: Na faɗa, kuma ina nan a kan bakata. Ku dubi takardar da muke cikewa: "ƙwazo", sai 1 zuwa 5, wato rauni, dama-dama, kyau, kyau sosai, fice. Mene ne "kyau"? Wanda ya yi aiki a babban asibiti a Birnin Kebbi yana da nasa kyan, wanda bai taɓa barin ƙauye ba yana da nasa. Kowa da mudunsa yake awo, sannan mu yi mamaki don awon bai zo ɗaya ba. A rubuta abin da ido ke gani a kowane mataki, magana ta ƙare.

Garba Jega: Malam, ba na jin takarda ce matsalar. Wanda ya ba da 5 ɗin nan a bincika, ko dai 'yar garinsu ce, ko yana jin nauyin mijinta. Mun ga yadda ake yi da APER, takardar auna aikin ma'aikatan gwamnati, shekara da shekaru: kowa na da kyau sosai, domin babu mai son a ce shi ya hana ɗan wani ƙarin girma. Ko littafi guda ka rubuta a ƙarƙashin kowane maki, mai son kai zai ba da abin da ya ga dama.

Bashir: Ni a ganina matakan ne suka yi kaɗan. A mayar da shi maki 100 kamar jarrabawa, kowa ya samu daidai abin da ya cancanta.

Alhaji Umaru Yauri: Bashir, ɗana, wannan ƙara dagula lamarin zai yi. Mutanen da suka kasa haɗuwa a kan bambancin 3 da 4, yaya za su haɗu a kan 67 da 72? Biyar sun isa.

Hajiya, Sani yana da gaskiya rabi, Garba ma haka. Abin da Sani ke nufi tsohon aiki ne. A 1963 wasu masana biyu a Amurka, Patricia Smith da Lorne Kendall, suka tsara irin wannan ma'auni, kuma da ma'aikatan jinya suka yi shi. Abin da mutane ke mantawa shi ne ba su zauna a ofis suka ƙago bayanin matakan ba. Daga bakin masu duba aikin suka tattaro shi, sannan suka gwada shi a kan wasu mutane daban kafin su yarda da shi. Wannan gwajin shi ne ƙashin bayan aikin.

Ga yadda zan yi da ni ne ke. Ki fara jefar da "ƙwazo", ba a ganinsa da ido. Ki ɗauki aiki guda, misali kula da sanyin allurar rigakafi. Ki tara masu dubawa, kowa ya rubuta abubuwan da ya taɓa gani da idonsa, masu kyau da munana, kowane a 'yar takardarsa, ba suna. Ɗaya zai rubuta: "Wuta ta ɗauke da rana, ta kwashe allurai zuwa akwatin sanyi, ta kira ofis." Wani zai rubuta: "Na tarar da takardar firiji babu rubutu na kwana huɗu." Sai ki cakuɗa takardun ki ba wasu mutum goma da ba su ne suka rubuta ba. Kowa shi kaɗai, ba shawara, ya ce wannan takarda wane fannin aiki take magana a kai, kuma maki nawa ta cancanta. Wadda takwas cikin goma suka sa a fanni ɗaya, kuma makinsu bai wuce matakai biyu na kusa da juna ba, ki riƙe ta. Wadda wani ya ba 2 wani ya ba 5, ki yar da ita komai daɗin lafazinta, domin ita ce za ta haifar miki da saɓanin gobe. Kada ki damu idan fiye da rabi suka zube.

Hajiya Rabi: Baba Alhaji, to yaya matakan za su kasance a rubuce?

Alhaji Umaru Yauri: Ka'ida dai sananniya ce: allurai su zauna tsakanin digiri 2 da 8, a duba a rubuta safe da yamma. To ki fara rubuta mataki na 3, ki sa shi ya zama cika aikin da aka ɗauki mutum ya yi: tana rubuta ma'aunin sanyi safe da yamma, idan ya fita daga 2 zuwa 8 tana sanar da na gaba da ita a ranar. Mataki na 1: ana samun kwanaki a jere babu rubutu, ko sanyi ya fita daga ka'ida ba ta faɗa wa kowa ba. Mataki na 2: tana rubutawa amma da giɓi nan da can, rahoto kuma sai an tambaye ta. Mataki na 4: duk abin da ke na 3, sannan idan firiji ya samu matsala tana kwashe allurai zuwa akwatin sanyi ba tare da jiran umarni ba. Mataki na 5: duk wannan, kuma ta koya wa abokin aiki har yana riƙe aikin daidai ranar da ba ta nan.

Ki lura ban sa "sosai" ko "a kai a kai" ko "yadda ya kamata" ba. Waɗannan kalmomi su ne ƙofar da ra'ayin mai dubawa ke shigowa. Kuma kowane mataki abu guda yake aunawa. Idan kika haɗa zuwa aiki da wuri da kula da firiji a layi ɗaya, wadda ke makara amma firijinta lafiya lau, ina za a ajiye ta? Ɗaya zai duba makarar, ɗaya zai duba firijin, kin koma gidan jiya.

Sista Talatu, Zuru: Ku yi haƙuri in shigo da nawa. An taɓa rage mini maki saboda allurai sun lalace, alhali batirin solarmu ya mutu, na rubuta na sake rubutawa ba a zo an gyara ba. Mai dubawar ma sau ɗaya ya leƙo mu a shekarar, damina ta yanke hanya. Da wane mataki za a auna ni?

Alhaji Umaru Yauri: 'Yata, da ma'aunin da na rubuta aka yi amfani, ba ki kasa 3 ba, domin kin sanar. Shi ya sa ban rubuta "allurai ba su lalace ba". Lalacewa sakamako ne, yana iya zuwa daga batiri. Abin da ke hannun ma'aikaci ake aunawa. Batun zuwa sau ɗaya kuwa, Hajiya ki sa wani gurbi a gefen kowane fanni: "Ban ga abin da zai isa in ba da maki ba." Idan babu wannan gurbin, wanda bai gani ba 3 yake dannawa don ya tsira, sai ki ɗauka matsakaiciyar ma'aikaciya ce, alhali ba a duba ta ba ne.

Malam Sani: To kun gani. Abin da na faɗa kenan tun farko.

Alhaji Umaru Yauri: A'a Malam, kai cewa ka yi magana ta ƙare, ita kuwa ba ta ƙare ba. A 1980 Landy da Farr suka bi diddigin binciken da aka yi a kan auna aiki, suka ga sauya fasalin takarda kaɗan yake rage kuskuren maki, mafi yawan matsalar tana wajen mai ba da makin. Takarda mai kyau ba ta hana mutum ya tuna watan jiya kawai ya manta watanni goma sha ɗaya. Ba ta hana fara'ar ma'aikaciya ta rinjayi makinta na rajista da na firiji. Saboda haka kafin a fita da takardar, a zaunar da masu dubawa. A rubuta labarin ma'aikata goma na misali, a haɗa da takardun firijinsu, kowa ya ba da maki shi kaɗai, sannan a buɗe a allo. Inda duka suka ce 3 ko 4, a wuce. Inda ɗaya ya ce 2 wani ya ce 4, kowa ya nuna layin da ya dogara da shi. Idan layin ne ke ɗaukar fassara biyu, a gyara layin. Idan kuwa mutum guda ne kullum yake sama da kowa da mataki ɗaya a duka goman, to ba takarda ba ce, hannunsa ne a sake, shi za a yi wa magana.

Garba Jega: A ɗakin taro kowa adali ne, Alhaji, domin ma'aikatan na takarda ne, ba su da dangi. Ranar da ya zauna gaban 'yar maƙwabcinsa fa?

Alhaji Umaru Yauri: Ba zan ce maka an magance wannan ba. Abin da ake samu shi ne ƙarya ta yi tsada. A sa doka: duk wanda ya ba da 1, 2, 4 ko 5 ya rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru. Wanda ya ba da 5 sai ya faɗi wa ta koya wa aikin, kuma ana iya kiran mutumin a tambaye shi. A tsohuwar takarda zagaye lamba kawai yake yi.

Garba Jega: To sai kowa ya koma ba da 3 don gudun rubutu.

Malama Hadiza, Gwandu: Garba ya taɓo gaskiya, ni da na 3 ma a nemi hujja, ko layi ɗaya ne. Amma akwai abin da ya fi damuna. Da zarar ma'aikata suka san cika takardar firiji shi ne 3, wasu za su zauna ranar 30 ga wata su cike ta tas. Na sha ganin irinta: biro ɗaya, hannu ɗaya, digiri 5 safe da yamma daga farkon wata zuwa ƙarshe, har ranakun da mai ita ta tafi biki. Firiji na gaske yana hawa yana sauka, musamman a zafin Afrilu. Masu dubawa biyu za su ga wannan takarda su haɗu a kan 3, an samu daidaito, amma a kan ƙarya. Inda akwai ƙaramar na'urar nan da ke ajiye sanyin kwana 30, a rubuta a mataki na 3 cewa rubutunta ya dace da na'urar. Inda babu ita, ban ga mafita ba sai zuwan ba-zata.

Malam Sani: Wannan ai ƙarin bayani ne a cikin matakin, Malama. Kin dawo kan maganata.

Malama Hadiza, Gwandu: Ban dawo ba, Malam. Bayanin ba zai hau babur ya je ƙauyen ba.

Hajiya Rabi: Na gode muku. Zan fara da fanni uku kawai: firiji, rajista, da karɓar marasa lafiya. Biyun farko na ga hanyarsu. Na ukun ne ya tsaya mini, domin ban san abin da zan rubuta a 3 wanda ba "tana da fara'a" ba.

Sista Talatu, Zuru: Hajiya, ki tambayi uwa a bakin ƙofa ko an gaya mata ranar da za ta dawo da yaron da yadda za ta ba shi maganin. Ko ta sani ko ba ta sani ba.

Garba Jega: Idan kuma an gaya mata ta manta fa, Sista? Uwa nawa za a tambaya kafin a ba da makin?