Camry mai fetur zalla ko haibrid? Na kasa yanke shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makonni uku ke nan ina kai da kawo a kan motoci biyu 'yan Kwatano da na gani a Kano, dukkansu Toyota Camry 2010, daya mai fetur zalla, daya haibrid, wato mai aiki da fetur da batiri.

Kullum ina yin kusan kilomita 40 cikin gari, galibi a cunkoso, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kudin fetur ke cinye mini albashi. A lissafina mai fetur za ta sha wajen lita 11 a kilomita 100, haibrid din kuwa wajen lita 7. A wata na tsira da lita 48 ke nan, ba karamin abu ba ne a wurina.

Abin da ya tsayar da ni batirin ne. Da muka gwada haibrid din, ko mun tsaya cak injin ba ya mutuwa, layukan cajin batirin a allo suna cika nan da nan su sake zubewa, fankar da ke bayan kujera kuma tana ta kara. Dillalin ya ce zafin gari ne kawai. Bakanikena ya jona na'ura, ba ta nuna `P0A80` ba, wato lambar da ke nuna batirin haibrid na bukatar canji, amma ya ce ana iya goge lambar kafin a sayar. Ya kuma gaya mini gaskiya, shi bai iya aikin batirin haibrid ba, alhali kayan mai fetur ko yau ya shiga Kofar Ruwa zai samo.

Don Allah wanda ya rike irinta, wadannan alamun na batiri mai mutuwa ne, ko kura ce ta toshe fankar? In an canza sel daya ko biyu, yana dadewa? Kuma duk wata ina zuwa kauye, in ta tsaya mini a can wa zai taba ta?