Yadda zan juya takaitaccen bayanin shari'u zuwa amsar jarrabawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dalibin lauya ne aji biyu a nan Kano, jarrabawar dokar kwantiragi ta matso. Littafina cike yake da shari'u, kowace da labarinta da hukuncinta. Malaminmu kuwa tsarin IRAC yake so: a fito da batun da ake takaddama a kai, a kawo ka'idar doka, a dora ta kan labarin tambaya, sannan a yanke matsaya.

A mataki na uku nake cijewa. Ga misali: Carlill da Carbolic Smoke Ball, 1893. Na rubuta cewa kamfanin ya yi talla da alkawarin fam 100 ga wanda ya yi amfani da maganinsa kuma mura ta kama shi, ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki, kotu ta ce tallan tayi ne ga kowa, cika sharadin kuma shi ne amincewa.

To sai tambaya ta zo: wani dan kasuwa a Kantin Kwari ya yi shela zai ba duk wanda ya tsinto masa jakarsa naira dubu 50, Musa ya tsinto, dan kasuwar ya hana shi kudin. Da na fara rubutu sai in zuba labarin Carlill kaf a karkashin ka'ida, in na iso wurin dorawa ba abin da ya rage sai "don haka Musa ya yi nasara". Layi daya tak, alhali an ce nan makin yake.

Shin fam 1,000 din nan a ka'ida zan sa shi, ko in ajiye shi sai wurin dorawa, in nuna dan kasuwar bai ajiye komai ba amma ya fadi adadi karara? In kuma tambayar ba ta ce Musa ya ji shelar kafin ya tsinci jakar ba, sabon batu zan bude da nasa matakan hudu, ko a cikin na farko zan cusa shi?

Don Allah manyanmu da suka wuce wannan aji, a nuna min yadda kuke raba shafin.