Hoton biyan kuɗi na bogi

Wata mai sayar da atamfa ta miƙa turmi uku ga wani mutum saboda ya nuna mata hoton shaidar tura kuɗi. Har dare kuɗin bai shigo ba. Da aka duba hoton, ashe an gyara adadin da kwanan watan, rubutun wurin ma ya fi sauran kauri.

Da 'yan kasuwa suka tattauna, shawararsu ɗaya ce: hoto ba shaida ba ne, saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Ta riƙa buɗe manhajar bankinta ta ga kuɗin a asusunta. Idan mai saye ya ce matsalar sabis ce, kaya su jira. Haka take yi yanzu, ko da mai sayen na sauri.