"Ce" da "ta" suna tona amsa a tambayoyin cike gurbi, yaya zan yi?

Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da tarihi a aji ɗaya na ƙaramar sakandare a nan Sakkwato, kuma tambayoyin cike gurbi sun tsaya mini a wuya.

Darasin kan jihadin Shehu Usmanu ne. Wannan ba ta ba ni matsala ba: "Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa ______ a 1804." Wanda bai karanta ba ba zai kawo Gudu ba.

Ga inda na maƙale: "______ ce ta kafa 'Yan Taru." Na jera Muhammadu Bello, Abdullahi, Giɗaɗo da Nana Asma'u a ƙasa. Duk ajin suka ci, har yaron da bai taɓa buɗe littafin ba, domin "ce" da "ta" sun riga sun faɗa musu mace ake nema.

Na gwada "______ ne/ce ya/ta kafa". Jimlar ta yi muni, wasu ma suka ɗauka tsakanin "ya" da "ta" za su zaɓa. Na mai da gurbin ƙarshe, sai "wadda ta kafa" ta sake tona asiri. Na sa sunayen mata zalla, amma Nana Asma'u kaɗai ce mace a shafin, sai suka zaɓi sunan da idonsu ya sani.

"An kafa 'Yan Taru ƙarƙashin jagorancin ______" ta ɓoye jinsin, sai dai ba haka littafin ya faɗa ba, kuma dabarar ba ta shiga kowace jimla.

Idan amsar ita kaɗai ce mace a shafi, da wane irin ginin jimla kuke ɓoye jinsinta ba tare da Hausar ta karye ba? Na gode.